Littafin cin abinci da ciwon ciki: yadda wata mai ɗinki a Gombe ta gano abin da ke kumbura mata ciki

Matar da zan kawo labarinta shekarunta 34, tana da 'ya'ya uku, kuma ɗinki take yi a wani ɗan shago a Jekadafari cikin garin Gombe. Ba zan faɗi sunanta ba, Maiɗinki kawai zan kira ta. Lokacin da ta zo ɗakin shan maganin da nake aiki, ta kai kusan shekara biyu tana fama da abin da ta kira “olsa”. Cikinta na murɗawa da rana, da dare kuma ya kumbura har sai ta sassauta zani. Ta sha magungunan olsa iri-iri daga kemis, ta sha na taifod har sau da yawa, ta sha jiƙe-jiƙe. Ta daina cin yaji, ta rage mai, ta bar tuwon masara da dare, wake kuwa ta ɗora masa laifin komai duk da ba ta iya barin sa ba, domin shi ne abin da ake iya ciyar da gida da shi. Duk da wannan takurawa, cikin na nan yadda yake.

Kafin mu yi maganar littafi, sai da na tambaye ta abubuwan da littafi ba ya magancewa. Ko ta taɓa ganin jini a bayan gida, ko bayan gidan ya yi baƙi ƙirin? Ko ta rame ba tare da ta nema ba? Ko ciwon yana tashin ta daga barci, ko akwai amai, zazzaɓi, ko abinci na tsaya mata a maƙogwaro? Ko akwai wanda ya yi ciwon dajin hanji a danginsu? Duk ta ce babu. Likita ya duba ta, aka yi gwajin yawan jini, aka duba bayan gida don tsutsar ciki da sauran ƙwayoyin cuta, aka kuma yi gwajin ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki bayan ta dakatar da maganin olsa na mako biyu, domin shan sa yana iya ɓoye ƙwayar. Babu abin da aka gani. Ina nanata wannan ne saboda na sha ganin masu zama a gida suna lissafin abinci alhali abin da ke damun su na asibiti ne. Wanda ya haura shekara 50 kuma ciwon sabo ne gare shi, ko macen da cikinta ya kumbura bai saɓe ba ko da safe har tsawon makonni, kuma tana saurin ƙoshi, likita za su fara gani, ba littafi ba.

Yadda aka tsara littafin

Littafin rubutu na 'yan makaranta ta saya. Kowace rana shafi ɗaya, an raba shi gida biyu: hagu abin da ya shiga baki da lokacinsa, dama abin da ciki ya yi da lokacinsa. A ƙasan shafin kuma layi uku: bayan gida, magani, da ranar da take ciki a lissafin al'adarta. Sharaɗin farko da na ba ta shi ne kada ta sauya komai a cin abincinta na tsawon mako uku. Mutane da yawa da zarar sun fara rubutu sai su fara tsame wannan su tsame wancan, sai littafin ya zama labarin wani sabon cin abinci da ba shi ya kawo ciwon ba.

Lokaci shi ne ƙashin bayan aikin. Tana da waya a hannu, don haka ƙarfe nawa take rubutawa, amma na ce mata in ta manta ta rubuta da salla: bayan Asuba, hantsi, kafin Azahar, bayan La'asar, bayan Isha'i. Abin da na hana shi ne ta bari sai dare ta zauna ta tuno. Wanda ya kwana da ciwon ciki yana tuna abincin da yake zargi ne kawai, ya manta da ɗan cincin da maƙwabciya ta miƙo masa da cingam ɗin da ya tauna a shago.

Sai awo. A makon farko ta rubuta “ƙosai na ɗari biyu”, na ce mata kuɗi ba awo ba ne, domin ƙosan ɗari biyu na yau ba shi ne na gobe ba. Ta koma ƙirgawa: ƙosai guda huɗu, tuwo malmala ɗaya, miya ludayi biyu, burodi yanka uku, madara cokali nawa, a shafe ko a tule. Idan a tire ɗaya suka ci da yara, ta kimanta da ludayin gidanta. Ba daidaito irin na sikeli ake nema ba, abin da ake so shi ne awon yau ya yi magana da awon jibi. Na kuma roƙe ta ta riƙa rubuta abin da ke cikin abincin, ba sunansa kawai ba. “Wake da shinkafa” a gidanta yana nufin wake, shinkafa, man gyaɗa, da ɗanyar albasa rabin ƙwallo da take yankawa a kai. Da ta tsaya a sunan abincin, da rabin abin da muka gano ya ɓace.

Gefen dama shi ya fi ba mu wahala, domin komai “ciwon ciki” take ce masa. Na zauna da ita muka raba shi uku: murɗawa a ƙasan cibiya, kumburi da iska, da zafi ko raɗaɗi a ƙahon zuci. Kowanne ta ba shi maki daga 0 zuwa 3, kuma makin mun ɗaure shi da aikinta don kada ya riƙa yawo da yanayin zuciya. Maki 1 shi ne tana ji amma keken ɗinki bai tsaya ba. Maki 2 shi ne ta tsayar da aiki, ko ta sassauta zani. Maki 3 shi ne ta kwanta ko ta ruga ban ɗaki. Da yake tela ce, ita da kanta ta kawo shawarar auna cikinta da tef a daidai cibiya, da safe kafin ta ci komai da kuma dare kafin barci. Wannan ya amfane mu ƙwarai, domin jin ciki ya cika daban, cikin ya fito a ido daban. Bayan gida kuwa na nuna mata hoton ma'aunin Biristol, wanda aka wallafa a 1997, mai kashi bakwai daga 1, tauri kamar tsakuwa, zuwa 7, ruwa zalla. Lamba kawai take rubutawa, abin da ya sauƙaƙa mata kunyar kwatantawa.

Ga shafinta na wata Talata kamar yadda yake:

- 7:30, shayi kofi babba, madarar gari cokali 4 a tule, sukari, burodi yanka 3
- 9:15, ƙugin ciki, murɗawa 2
- 10:00, bayan gida lamba 6, murɗawa ta sauka
- 2:00, wake da shinkafa ludayi 3, mai, ɗanyar albasa rabi
- 7:45, tuwon shinkafa malmala 1, miyar kuka
- 8:15, kumburi 3, iska, tef ya ƙaru da inci 2 a kan na safe
- Magani babu, rana ta 12 a lissafin al'ada

Abin da ta karanta, da abin da shafin ke faɗa

Da ta kawo wannan shafi, yatsarta a kan tuwon dare take. “Sista, kin gani ko? Ina gama tuwo da rabin awa cikin ya tashi. Shi ya sa na bar na masara, ga na shinkafar ma bai bar ni ba.”

Na ce mata, “Ƙanwata, tuwon da kika ci rabin awa da ta wuce yana nan cikin tumbi, ko tafiya bai fara ba sosai. Iskar da kike ji a can ƙasa ake yin ta.”

A nan ne yawancin masu ajiye littafi suke ɓata, don haka bari in tsaya a kai. Yawancin iskar da ke kumbura ciki bayan cin abinci a babban hanji ake yin ta. Akwai wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su duka. Sai su wuce, su ja ruwa zuwa cikin hanji, su isa babban hanji inda ƙwayoyin da ke zaune a can suke cinye su su fitar da iska. Abinci mai ƙarfi yana ɗaukar awoyi kafin ya kai can, sau da yawa awa huɗu zuwa sama, wani lokacin ma sai washegari ake jin aikinsa. To me ya sa ciwon ke tashi daidai bayan cin abinci? Saboda duk lokacin da tumbi ya cika, yana aika wa babban hanji saƙo ya motsa ya ba da wuri. Motsin nan sai ya tarar da iskar da abincin rana ya riga ya tara, sai mutum ya ji murɗawa da cika. Tuwon dare ya taɓo abin da ke kwance ne kawai, amma shi ake kamawa. Kura da shan bugu ke nan, gardi da kwashe kuɗi.

Saboda haka dokar karanta littafin ita ce: duk inda aka ga maki 2 ko 3, a ja layi a koma baya awa 24, a rubuta duk abin da aka ci a tsakanin. Abin sha mai madara shi ne ke saurin nuna kansa, domin ruwa ba ya daɗewa a tumbi, kuma alamunsa sukan zo tsakanin rabin awa zuwa awa biyu.

Da mako uku suka cika muka baje littafin muka yi ƙirga. Hanyar ƙirgar mai sauƙi ce, amma dole a yi ta ta fuska biyu. Ba a tambayar “sau nawa na ci wannan na yi ciwo” kaɗai. Sai an ƙara da “sau nawa na ci ban yi ba” da “sau nawa na yi ciwon ban ci ba”. Abincin da ake ci kullum, kamar shinkafa ko mai, zai bayyana a gaban kowane ciwo, kuma wannan ba shaida ba ce a kansa.

Murɗawar hantsi ta kai maki 2 ko 3 a ranaku 13 cikin 21. Ta sha shayi da madara a ranaku 15, kuma 12 daga cikinsu ta yi murɗawa. A ranaku 6 da ba ta sha ba, biyu tana azumin nafila, huɗu kuma koko da ƙosai ta karya da su, sau ɗaya tak cikin ya murɗa, kuma ranar ce al'adarta ta zo. Sauran ranaku uku da ta sha shayin ta zauna lafiya su suka fi jan hankalina. A biyu daga ciki ta rubuta “cokali 1”, domin madarar ta kusa ƙarewa tana tattala wa yara. Ta ukun ba mu sami dalilinta ba, cokali huɗu ta sha kuma babu abin da ya faru. Haka littafin gaskiya yake, ba ya fitowa tas. Ranakun azumin ban ɗauke su hujja ba, tunda cikin da babu komai a cikinsa ba zai gaya mana laifin madara ba. Ranakun koko su ne shaida, domin ta ci ta ƙoshi.

Maiɗinki ba ta yarda nan take ba, kuma tana da hujja. “Sista, ni fa ina shan fura da nono ba ta yi min komai. In madara ce, ai da nono ya fara kayar da ni.” Amsar tana cikin yadda ake yin nonon. A madara akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma sai da wani sinadari da ƙaramin hanji ke yi ake narkar da shi. Jarirai suna da shi isasshe, amma a yawancin mutanen duniya yana raguwa bayan yaye. Fulani makiyaya da yawa sun gaji riƙe shi har girma, shi ya sa a gari irin Gombe za ka ga maƙwabta biyu, ɗaya na shan madara kofi-kofi lafiya lau, ɗayan kofi guda ya hana shi sakat. Idan madara ta kwana ta zama kindirmo, ƙwayoyin da suka tsamar da ita sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kuma suna ci gaba da taimakawa a cikin hanji. Madarar gari kuwa ruwan kawai aka janye, sukarin na nan a tattare, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin garin madara zalla laktos ne. Cokali ɗaya na cin abinci a tule yana ɗauke da wajen giram 3, huɗu kuma sun kai wajen giram 12, daidai da kofi guda na madarar shanu. Da yawa daga masu wannan matsala suna iya ɗaukar kusan haka a zama ɗaya, wasu kuma iyakarsu ba ta kai nan ba. Tata ba ta kai ba.

Kumburin dare ya fi rikitarwa. Ya kai maki 2 ko 3 a darare 11. Ta ci wake a ranaku 9, kuma shida daga ciki ta kumbura, abin da a ido zai gaskata zarginta. Amma da muka raba, sai ga shi duk ranaku biyar da ta ci wake da shinkafa ta kumbura, ranaku huɗu na ƙosai kuwa sau ɗaya ne kawai. Sannan akwai darare biyar da ta kumbura babu wake ko ƙwaya. Biyu daga ciki kwanaki biyun da ke gaban al'adarta ne, lokacin da mata da yawa ke jin ciki ya cika ko me suka ci, sai muka ware su gefe. Sauran ukun, ɗaya ta ci kwaɗon zogale da rana, ɗaya taliya da miyar da ta sha albasa bayan burodin safe, ɗaya kuma tsiren da maigidan ya kawo a daren jiya. Abin da ya haɗa kwaɗo da tsire da wake da shinkafarta shi ne ɗanyar albasa, kuma ba kaɗan ba.

Albasa da tafarnuwa da alkama suna da wani sukari mai suna furuktan wanda babu ɗan Adam da hanjinsa ke narkar da shi. Wake ma yana da nasa irin. Kowa yana yin iska in ya ci su, bambancin shi ne wani hanjin yana jin miƙewar a matsayin ciwo, wani kuma ko a jikinsa. Masu bincike a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya ne suka tara waɗannan sukari a rukuni ɗaya wajen 2005, tare da na madara da na wasu 'ya'yan itatuwa irin su mangwaro da kankana. Abin da ya shafi mai littafi a nan shi ne suna taruwa a kan juna. Burodi da safe, wake da albasa da rana, taliya da dare, kowanne shi kaɗai zai iya wucewa lafiya, amma haɗuwarsu a yini ɗaya ta wuce abin da hanjin zai ɗauka. Wannan ne ya sa mutum zai rantse ya ci wake jiya bai ji komai ba, yau kuma ya kwantar da shi.

Zafin ƙahon zuci, wanda shi ya sa ta yarda tana da olsa, sau uku kawai ya fito a littafin, duka a kwanakin al'ada, duka kuma bayan ta sha ibufurofen da safe ciki babu komai. Wannan magani an san shi da taɓa bangon tumbi. Likita ya sauya mata tsarin shan maganin ciwon mara, maganar ta tsaya a nan.

Gwajin da ya yanke hukunci

Littafi ba ya yanke hukunci, waɗanda ake zargi kawai yake fitarwa. Mun fito da uku: madarar gari, albasa, da wake. Maiɗinki ta so ta bar su duka a rana ɗaya, na ƙi. In ta bar uku ta samu sauƙi, ba za ta san wanne ne ba, sai ta ƙare da tsoron dukkansu har abada, kuma ga shi tuni ta bar abubuwa da dama a banza. Ɗaya bayan ɗaya muka bi.

Madara muka fara cirewa na mako biyu, komai kuma ya ci gaba yadda yake, har da albasar. Cirewar sai da lura, domin akwai madara a garin cakulan na gwangwani da take haɗawa a shayi wani lokaci, da alawar madara, da madarar gwangwani. A makonni biyun nan murɗawar hantsi ba ta wuce maki 1 ba, bayan gida ya koma lamba 4, amma kumburin dare bai motsa ba. Rashin motsin nan ma amsa ce, ya nuna mana matsaloli biyu ne daban. Sai muka dawo da madarar a kwana uku, a shayin safe, da burodin da ta saba: ranar farko cokali ɗaya, ta biyu cokali biyu, ta uku cokali huɗu. Na zaɓar mata tsakiyar wata, nesa da al'ada, kuma ba ranar biki ko tafiya ba. Cokali ɗaya, babu komai. Biyu, ɗan ƙugi. Huɗu, kafin awa biyu ta ruga ban ɗaki. Ta huta kwana uku har cikin ya kwanta, ta sake maimaitawa, domin wanda ke jiran ciwo yana iya jin sa ko babu dalili, kuma gwaji ɗaya zai iya faɗawa a ranar da wani abin daban ya ɓata ciki. Sakamakon bai sauya ba. Kindirmo rabin kofi a cikin fura kuwa bai taɓa ta ba.

Albasa ta fi wuyar cirewa, domin tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, kuma babu miyar da ake ɗorawa ba ita. Tsince ta daga miya bayan ta dahu ba ya amfani, tunda furuktan yana narkewa a ruwa, ya riga ya bi romon. Amma ba ya narkewa a mai. Don haka ta riƙa yanka albasa manya-manya ta soya a mai, ta kwashe ta tas kafin ta zuba tumatir ko ruwa, ƙamshin ya zauna a man. Ta ɗebi nata a ƙaramar tukunya, ta mayar wa sauran gida albasarsu. Inda take son ɗanya, kamar kwaɗo, sai ta sa koren lawashi, wanda wannan sukari bai yi yawa a cikinsa ba. Tafarnuwa ma ta ajiye ta a wannan lokaci tunda jirgi ɗaya ya kwaso su. Wake kuwa ta ci gaba da ci.

Cikin mako biyu kumburin dare ya kai maki 2 sau biyu kawai, kuma bambancin tef tsakanin safe da dare ya sauko ƙasa da inci ɗaya a yawancin ranaku. Da aka dawo da ɗanyar albasa, siraran yanka biyu sun ba ta maki 1, rubu'in ƙwallo ya kai ta maki 2 da iska har washegari. Ba mu je rabi ba, babu dalilin wahalar da ita bayan amsa ta fito. Wake muka gwada daga ƙarshe, ba albasa a kai: ludayi ɗaya na wake da shinkafa lafiya, biyu 'yar iska da ba ta hana aiki ba, uku sai da ta sassauta zani. Da ta koma jiƙa waken tun dare tana zubar da ruwan, ta kuma dafa shi ya yi laushi sosai, ludayi biyun ya ƙara yi mata sauƙi, domin wani kaso na sukarinsa yana fita a ruwan jiƙon.

Akwai mako guda da gwajin ya lalace. Ɗanta ya kwanta zazzaɓi, ba ta yi barci ba, ta riƙa tsallake abinci tana ci da sauri a tsaye, bayan gida kuma ya tsaya kwana uku a lamba 2. Cikinta ya kumbura kullum ko da ba ta taɓa albasa ba, ta zo a karye tana cewa duk aikin banza ne. Ba banza ba ne. Damuwa da rashin barci suna ƙara wa hanji saurin jin ciwo, kuma bayan gida in ya taru yana riƙe iska ko me aka ci. Shafukan makon muka yi wa alama muka tsallake, ta ƙara shan ruwa, wanda dama a zafin Gombe ba ta sha isasshe a shago don gudun yawan fita, muka jira cikin ya daidaita sannan aka ci gaba. Tun daga nan na ƙara mata layi na huɗu a ƙasan shafi, na barci da damuwa.

Inda aka tsaya

Yanzu madara cokali ɗaya take sawa a shayi, in tana marmari biyu. Tana shan kindirmo, kuma na matsa mata a kan hakan tare da zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, saboda kada rage madara ya rage mata abin gina ƙashi. Tana cin miyar gida da dafaffiyar albasa daidai misali, ɗanya ce ta bari sai ɗan yanka. Ranar da za ta ci wake da rana, sai ta karya da koko ko waina maimakon burodi, da dare kuma ta kauce wa taliya. Tuwon masara da yaji da ta yi shekara biyu tana gudu sun dawo, an gwada su ba su yi komai ba. Maganin olsa kuma likita ya ce ta ajiye.

Ba komai ya warware ba. Kwana biyu kafin al'ada cikinta na cika ko me ta ci, kuma ta san wannan ba na abinci ba ne. Mangwaro da kankana ba mu gwada su ba tunda ba ta ci su a makonnin littafin ba. Idan lokacin mangwaro ya zo za ta buɗe shafi na kwana uku ta bi su da tsarin da ta riga ta iya, haka ma in azumi ya zo, lokacin da kankana da ƙosai da kunu da shayi ke haɗuwa a zama ɗaya. Albasar ma za ta sake gwada ta bayan wata uku, domin iyakar da hanji ke ɗauka tana sauyawa.

Littafin na yau da kullum na ce ta rufe shi bayan gwajin ƙarshe. Wanda ya daɗe yana sauraron cikinsa awa bayan awa yakan fara jin abin da da can ba ya ji, wani kuma ya shiga tsoron abinci har ya rame. Saboda wannan dalili ban yarda a yi wa yaro ƙarami, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko wanda dama ba shi da jiki, wannan cire-ciren ba tare da ma'aikacin lafiya na bibiya ba. Rubutawa kawai babu laifi, cirewar ce ke buƙatar ido. Ita kuma Maiɗinki mun yi da ita cewa in ta ga jini, ko ta fara ramewa, ko ciwon ya tashe ta cikin dare, ko kumburin ya daina saɓewa da safe, ta zo asibiti a ranar, ta taho da littafin a hannu don likita ya ga yadda cikin yake a da.